Ranar Duba Ido Kyauta a Asibitin Unguwa: Har Mai Gani Garau Ya Je

Sanarwar takan zo ne ta bakin liman bayan sallar Juma'a, ko mai shelar mai unguwa, ko takardar da aka manna a ƙofar asibitin sha-ka-tafi: ran Asabar ma'aikatan ido za su zo cibiyar lafiya ta unguwa, za a duba idon kowa kyauta tun daga safe. Waɗanda sukan cika benci a irin wannan rana su ne tsofaffin da yana ta rufe musu ido, da masu ƙaiƙayi, da masu neman tabarau. Magidanci ɗan shekara arba'in da biyar da ke gani garau kuwa sai ya wuce kasuwa abinsa, yana cewa ai idonsa lafiya lau. A ganina wannan mutumin ne ya fi kowa buƙatar zama a bencin nan.

Dalili shi ne cutar gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa kullum, yana kuma tsiyayewa ta wata 'yar magudana. Idan magudanar ta daina aiki sosai, ruwan sai ya taru, matsinsa ya riƙa danne jijiyar gani da ke bayan ido har zarenta su mutu ɗaya bayan ɗaya. Nau'in da ya fi yawa a wurinmu ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Daga gefe yake fara cin gani, ya bar tsakiya sai can ƙarshe, shi ya sa mai cutar zai iya karanta Alƙur'ani ko ya zura zare a allura alhali rabin jijiyar ta tafi. Abin da ya mutu kuma ba ya dawowa, ko da magani ko da tiyata.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa a cikin masu shekara 40 zuwa sama, kusan mutum 5 cikin 100 na da gilakoma, kuma fiye da 9 cikin 10 na masu ita ba su san suna ɗauke da ita ba. Ita ce ta biyu wajen makantar da mutane, bayan yanar ido. Sai dai mai yana, idan aka cire ta aka sa masa gilashin roba a cikin ido, yakan ga jikokinsa washegari. Mai gilakoma ba shi da wannan damar, abin da za a iya ceto masa shi ne ganin da ya rage.

A ranar dubawar, bayan rubuta suna da shekaru, za a tsayar da mutum mita 6 daga wani allo mai ɗauke da harafin E, ƙafafunsa na kallon sama, ƙasa, dama ko hagu. Ba sai ka iya boko ba, da yatsu za ka nuna inda ƙafafun suka dosa. Ana rufe ido ɗaya da tafin hannu a gwada ɗayan, kuma a nan ne wasu ke fara gane cewa sun daɗe suna rayuwa da ido guda. Idan aka rubuta 6/6, gani ya cika. Idan 6/60 ne, abin da mai lafiyar ido ke hangowa daga mita 60, kai sai ka matso mita 6. Wanda bai yi kyau ba za a ba shi wani baƙin faifai mai ɗan huji ya leƙa ta ciki. In harafin ya washe, galibi tabarau ne maganinsa. In bai washe ba, akwai abin da za a bincika a cikin idon.

A ɗauki misalin tela ɗan shekara 52 da ya zo neman tabarau kawai, don ramin allura ya fara ɓace masa. A allo ya samu 6/6 a dama, 6/9 a hagu. Aka ɗiga masa maganin da ke kashe jin ido na 'yan mintuna, aka taɓa idon da na'urar awon matsi. Matsin da aka saba gani yana tsakanin 10 da 21. Nasa ya nuna 24 a dama, 33 a hagu. Ma'aikaciyar ta haska bayan idon da ƙaramar fitila ta ga kan jijiyar, inda ake samun ɗan rami a tsakiya. A lafiyayyen ido ramin ba ya cika kai rabin faɗin kan jijiyar, amma a idon hagun telan ya cinye kusan duka, sai ɗan siririn baki. Ta tambaye shi, "Baba, akwai wanda ya makance a gidanku?" Ya ce mahaifinsa, amma an ce tsufa ne. Ta sake tambaya ko yana ɗiga wani magani. Ya fito da kwalbar da yake saya a kemis duk lokacin da ƙurar hunturu ta sa masa ƙaiƙayi. Maganin na da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma ga wasu mutane yana ɗaga matsin ido idan aka yi makonni ana sa shi.

Tela zai tafi da tabaransa na karatu, sannan da takardar turawa zuwa babban asibiti, kuma takardar ta fi tabaran muhimmanci nesa ba kusa ba. Dubawar unguwa tace mutane take yi, ba ta yanke hukunci. Awo ɗaya bai isa ba, domin matsin ido na hawa da sauka a cikin yini, akwai masu gilakoma da matsinsu bai wuce 21 ba, akwai kuma masu 24 da jijiyarsu ke lafiya. A asibiti kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa, za a sa shi gaban na'urar da ke auna faɗin gani, yana danna maɓalli duk lokacin da ɗan haske ya ƙyafta a gefe. Daga nan likita zai zaɓi maganin ɗigawa, ko hasken leza, ko tiyatar buɗe wa ruwan sabuwar hanya.

A wannan gaɓar ake asarar mutane da yawa, kuma abin na ci mini rai. Takarda takan kwana a aljihun riga har wanki ya cinye ta. Wani kuma ya sha wahala ya je, ya ɗiga kwalba ɗaya, ya ga ganinsa bai ƙaru ba, sai ya watsar. Maganin gilakoma ba ya ƙara gani, tsare ragowar yake yi, kuma ana sa shi kullum har ƙarshen rayuwa. Duk wanda ke da asma ko bugun zuciya mai nawa ya faɗa kafin a rubuta masa, domin timolol, wanda aka fi bayarwa saboda arha, na iya toshe masa numfashi. Ya kamata masu shirya ranar su ma su karɓi lambar wayar duk wanda suka tura, su bi sawunsa bayan mako biyu.

Mai zuwa ya taho da tsohon tabaransa da duk kwalbar maganin da yake sa wa ido, ya faɗi idan yana da ciwon suga ko hawan jini. A wanke kwalli tun daga gida. Idan aka ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido don a ga bayansa sosai, gani zai yi dishi-dishi na wasu sa'o'i, hasken rana zai riƙa damu, don haka ɗan acaba da direba su zo da wanda zai mayar da su. Wanda aka samu da alamar gilakoma kuma ya aika gida a kira yayyensa da ƙannensa da manyan 'ya'yansa kafin ma'aikatan su naɗe kaya, domin cutar na bin jini, kuma haɗarinta ga ɗan'uwa na jini ya ninka na sauran mutane sau da yawa.