Yadda Ake Haɗa Kiɗan Lofai Mai Rangaji da Ƙura

A birnin Detroit na Amurka, furodusa J Dilla ya yi suna da wata ɗabi'a da ta ɗaure wa makaɗa kai. Na'urarsa ta Akai MPC3000 tana da tsarin Quantize, wanda ke jawo kowane bugu ya zauna daidai kan layi. Shi kuwa sau da yawa yakan kashe shi, ya buga gangunan da yatsunsa, wani bugun ya riga lokaci, wani ya makara. Ya rasu a Fabrairun 2006, kwana uku bayan fitowar faifansa Donuts. Daga hannunsa da na Nujabes na ƙasar Japan ne masu kiɗan lofai, wato hif-hof mai sanyi da dishi-dishi, suka fi ɗaukar darasi.

Wanda ya ji kiɗan zai ɗauka sakaci ne. Alhali makarar nan aunata ake yi.

A ɗauki kiɗa mai bugu 80 a minti, tunda lofai yawanci tsakanin 70 da 90 yake. Zagaye ɗaya bugu huɗu ne, an yanka shi gida 16, kowane gida milisakan 187.5, milisakan kuwa ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Kik, babbar ganga mai zurfin murya, ta zauna a gida na 1, na 8 da na 11. Siniya mai kaifin amo ta ɗauki na 5 da na 13, ƙaramin kuge da ake kira hayihat ya bi gidajen duka. Idan aka kunna haka, kiɗan zai fito a sandare.

Nan maɓallin Swing yake shigowa, irin wanda Roger Linn ya sa a MPC60 ta 1988. Yana kallon gidajen bibbiyu, ya jinkirta na biyun. A kashi 50 cikin ɗari an raba lokacin daidai, babu rangaji. A 58, gidan farko ya ci milisakan 217.5 daga cikin 375 da suke rabawa, ke nan na biyun ya makara da 30. A 66 makarar ta ninka, kiɗan ya soma tsalle. Ga lofai, 54 zuwa 60 ya fi zama a kunne. Wasu manhajojin daga sifili suke ƙirga nasu, saboda haka lambar MPC ba lallai ta dace da tasu ba.

Akwai tarkon da sababbin hannu kan faɗa. Mutum ya sa hayihat a gida na 1, 3, 5 har zuwa 15, ya murɗa Swing iya murɗawa, ya ji shiru, ya ce manhaja ta lalace. Lafiyarta ƙalau: gidajen 2, 4, 6 da 'yan'uwansu kaɗai take motsawa, shi kuwa bai ajiye komai a can ba. Haka ma siniyar da ke 5 da 13 ba za ta gusa ba, sai an jinkirta ta da hannu, milisakan 10 zuwa 20. In an zarce, sai a ji kamar makaɗin ya ɓata, kan mai sauraro ya daina gyaɗawa.

Laushin ganga kuwa daga ƙarfin bugu yake farawa, wanda ake aunawa daga 1 zuwa 127. A bar hayihat na gidajen farko wajen 80, masu makarar wajen 50. Sannan a sa matatar sauti ta Low-pass a kan gangunan, a riƙa saukar da ita daga 10 kHz har kaifin ya dusashe. Da zarar hayihat ya ɓace a lasifikar waya, an wuce gona da iri.

Ƙurar tana da asali. Na'urar SP-1200 ta 1987 tana ɗaukar sauti ne a bit 12, ga shi daga tsofaffin faya-fayan garmaho ake yanko kiɗan, da ƙaiƙayinsu da ƙas-ƙas ɗinsu. Yau manhaja kamar iZotope Vinyl, wadda kyauta ce, tana kwaikwayon ƙas-ƙas ɗin da lanƙwasar muryar faifan da ya karkace. Lanƙwasar ta dace da fiyano, amma a kan bes sai ta sa shi ya saɓa wa sauran kayan kiɗa. Ƙas-ƙas ɗin kuma layi ɗaya ya ishe shi, don in an zuba wa kowane kayan kiɗa nasa, taruwa zai yi ya zama shuuu. Ana ɗaga shi har a ji shi sarai, sannan a rage har sai an kashe shi ne kunne zai lura da cewa da yana nan.