Wayar Lantarki a Bazarar Damargu: Zafin Cibiya da Rawar Iska

A watan Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi a Tanut da Belbeji kan wuce digiri 40 tun kafin azahar, kuma a daidai lokacin ne ake tsananta wa lantarki: fankoki na juyawa, firijin masu ƙanƙara na gurnani, famfunan rijiyoyin burtsatse na jan ruwa daga ƙasa mai zurfi. Duk wannan kuran ta cikin waya yake bi, daga layukan NIGELEC har zuwa wayoyin matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 cikin gundumar Tanut. Tambayar da injiniya kan yi kafin ya zaɓi kaurin waya ita ce: ina ne wuri mafi zafi a cikinta, kuma digiri nawa zai kai?

Wurin dai sananne ne, cibiyar wayar. Tun 1841 James Joule ya nuna cewa kuran da ke ratsa ƙarfe yana haifar da zafi, kuma in an ninka kuran sau 2 zafin yakan ninku sau 4. Wannan zafi a ko'ina cikin ƙarfen yake tasowa daidai wa daida, amma ƙofar fitarsa ɗaya ce, wato fatar wayar da ke taɓa iska. Zafin da ya taso a tsakiya dole ya ratsa ƙarfen duka kafin ya kai waje, kuma zafi ba ya tafiya sai daga inda ya fi yawa zuwa inda ya fi ƙaranci. Shi ya sa cibiya ta fi fata zafi, fata kuma ta fi iska.

Lissafin hawa biyu ne:

```
q  = I²ρ / A²
Ts = T∞ + q·r / (2h)
T0 = Ts + q·r² / (4k)
```

A nan I shi ne kuran, ρ turjiyar ƙarfen, A faɗin bakin wayar in an yanke ta, r nisa daga cibiya zuwa fata, q kuma zafin da ke tasowa cikin kowace mita kubik. T∞ zafin iska ne, Ts na fata, T0 na cibiya. Sauran biyun su ne zuciyar maganar: h yana auna yadda iska ke kwashe zafi daga fata, k kuma yadda ƙarfen kansa ke barin zafi ya ratsa shi.

Mu ɗauki wayar alminiyam marar rufi, irin wadda ake ratayawa a kan poto, mai faɗin baki milimita murabba'i 50, wato r ya zama milimita 4. A ce tana ɗauke da amfiya 150 da rana tsaka, iska na da digiri 43 kuma ko ganye ba ya motsi. Alminiyam mai ɗumi yana da turjiya wajen 3.4 × 10⁻⁸ Ω·m, saboda haka kowace mita ta wayar tana fitar da wat 15.3, q kuma ya zama wajen 306,000 W/m³. A iskar da ta tsaya cak, h bai fi 15 W/m²K ba, ko an haɗa da zafin da wayar ke haskawa waje. Hawan farko ke nan: 306,000 sau 0.004 a raba da 30, ya ba da digiri 41. Fatar wayar ta kai digiri 84.

Sai hawa na biyu, wanda ɗalibai kan yi ta gumi a kansa a jarrabawa. Alminiyam na da k wajen 230 W/mK. In aka saka lambobin, bambancin cibiya da fata digiri 0.005 ne kacal. Cibiyar ita ce mafi zafi, ba shakka, amma da tazarar da babu ma'aunin da ma'aikaci ke riƙewa a hannu da zai iya gani. In aka raba hawa na biyu da na farko, q yakan ɓace, a bar hr/2k, wanda a wayarmu ya zama 0.00013. Ma'anarsa ita ce ƙarfen ba shi ne ke tare zafin ba. Siririyar iskar da ta manne wa fatar wayar ita ce mai gadin ƙofa.

A gwada a gani. Da iska za ta ɗan kaɗa, mita 2 a daƙiƙa tana ratsa wayar a gicciye, h zai haura wajen 50, ƙarin zafin ya sauko daga digiri 41 zuwa 12, wayar ta tsaya a 55. Kuran bai canza ba, ƙarfen bai canza ba, amma an sami ragin kusan digiri 30. A ganina wannan ne ya sa wayar da ta yi aiki lafiya lau duk lokacin hunturu, da iskar arewa maso gabas na busawa, take fara ba da matsala a ranakun bazara masu kwantaccen zafi.

Lissafin kuma ya yi wa wayar sassauci ta fuska biyu. Bai sa rana a ciki ba, alhali hasken tsakar rana a Damargu na kaiwa wajen wat 1,000 a kowace mita murabba'i. Wayar da ta tsufa ta dushe za ta iya shan kusan wat 5 a kowace mita, wato ƙarin digiri 13 in babu iska. Sannan turjiyar alminiyam na ƙaruwa da kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, don haka zafi na jawo ƙarin zafi, sai an maimaita lissafin da sabon ρ har ya daidaita. Da waɗannan, wayarmu ta doshi digiri 100, inda alminiyam kan fara laushi yana rasa ƙarfinsa in abin ya daɗe. Alamar da ido ke gani ita ce lanƙwasa: tsayin mita 100 yakan ƙaru da santimita 11 da rabi in zafi ya hau da digiri 50, kuma wannan ɗan ƙari ya isa ya sauko da cikin wayar sosai zuwa kan motocin da ke tahowa daga Agadas da lodi har sama.

To yaushe ne cibiya ke da muhimmanci? Sai k ya yi ƙasa ko h ya yi sama ƙwarai. Wayar layi ta gaskiya ba sanda ɗaya ba ce, zaruruwa ne aka tufka, kuma iskar da ke tsakaninsu kan sauko da k na gicciye zuwa wajen 2. A wayarmu bambancin zai zama digiri 0.6, a manyan wayoyin kilobolt 132 masu kauri kuwa yakan kai digiri da dama. Haka nan wayar nikrom ta na'urar dafa ruwa: k wajen 12, r milimita 1, ruwa mai tafasa na ba da h wajen 5,000, sai hr/2k ya kai 0.2. Nan kam wanda ya auna fata kawai ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin biyar.

Wayar cikin gida da ta famfon sola suna da rufin roba, kuma wannan lissafi bai rufe su ba sai an ƙara hawa na uku, na ratsa robar. Iyakar ma a can ta roba ce: PVC na jure digiri 70 a jikin ƙarfe, XLPE 90. Teburorin da masu ƙera waya ke bugawa galibi sun ɗauka zafin iska digiri 30 ne, wato PVC na da sararin digiri 40. A Belbeji ranar da iska ta kai 45, sararin ya koma 25, kuma kuran da wayar za ta ɗauka lafiya ya ragu zuwa kashi 79 cikin 100 na abin da ke rubuce. In kuma wayar irin wadda ake shafa wa jan ƙarfe a sama ce, cikinta alminiyam, turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe tsantsa da wajen kashi 60 cikin 100, zafinta ma haka. Ana gane ta da kankare bakin da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, sai a sake lissafi da ρ na alminiyam.