Yadda ake zare sauti daga bidiyo ba tare da ya cinye waya ba

A bidiyon karatu na awa guda, malam yana zaune ne a wuri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, amma hoton nasa shi ke cinye mafi yawan wurin ajiya. Mai son saurare kawai a mota ko a shago, murya yake nema, kuma ana iya raba ta da hoton.

Fayil irin na MP4 tamkar kwanon sha ne mai hawa biyu, hoto a hawa ɗaya, sauti a ɗayan. Saboda haka hanya mafi sauri ita ce a ɗauke sautin yadda yake. Manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce, tana yin haka a kwamfuta da layi guda:

```
ffmpeg -i karatu.mp4 -vn -c:a copy karatu.m4a
```

`-vn` na nufin a bar hoto, `copy` kuma a kwashe sautin ba tare da an taɓa shi ba. Cikin daƙiƙu aiki ya ƙare, inganci bai ragu ba. Sai dai mutane kan yi tuntuɓe a nan. Sautin da ke cikin MP4 galibi AAC ne, don haka in ka sa wa sabon fayil ɗin `.mp3` alhali ka ce `copy`, manhajar za ta ƙi.

To, ƙanƙanta fa? Girman fayil ya dogara ne da tsawon lokaci da kuma yawan bayanan da ake ba kowace daƙiƙa. Awa guda a kan `128k` tana kai megabait 58, a kan `48k` kuwa ba ta wuce 22 ba. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar hanyar sauti biyu, ta dama da ta hagu, sai a haɗe su:

```
ffmpeg -i karatu.mp4 -vn -ac 1 -b:a 48k karatu.mp3
```

Tsarin Opus ya fi MP3 iya matse magana, amma ni MP3 nake zaɓa, domin ƙananan wayoyi da rediyoyi masu cin memori ba duka ne suka san Opus ba. Wanda ba ya son rubuta umarni, ya buɗe VLC, ya shiga `Media`, sannan `Convert / Save`, ya zaɓi `Audio - MP3`.

In matsar ta yi yawa, kunne ne zai gaya maka. Harufan "s" da "sh" su ne ke fara lalacewa, murya ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. Waƙa mai kiɗa ta fi saurin nuna wannan aibi, gara a bar ta a `128k`. Kuma fayil ɗin da ya riga ya lalace ba ya gyaruwa don an ɗaga lambar daga baya. Sai an koma kan bidiyon asali, shi ya sa ba a goge shi kafin a saurari abin da aka fitar.