Ɓari Uku a Jere: Abin da Likita Ke Nema

Mace mai shekara 29 ta yi ɓari uku a jere, kowanne kafin cikin ya cika wata uku. A gida har an gama yanke hukunci: wasu na cewa namijin dare ne, wasu na kallon kishiya. A asibiti kuwa, tambayar farko ita ce: cikin yana wata nawa yake zubewa?

Amsar ce ke nuna inda za a dosa. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne, abin da daka ko ɗaukar tulu ba sa jawowa. Idan kuwa sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar ruwa ke fashewa ba tare da wani ciwo ba, ana zargin raunin bakin mahaifa, wanda akan ɗaure da zare a ciki na gaba.

Za a yi mata hoton mahaifa don ganin ko an haife ta da shamaki a tsakiya, a auna suga da aikin ƙwayar maƙoshi mai kawo maƙoƙo. Gwajin da ya fi a tsaya a kansa shi ne na antifosfolifid, wasu sinadaran garkuwar jiki da ke daskarar da jini su hana mabiyiya kama mahaifa sosai. Sakamako ɗaya ba ya isa. Dole a maimaita bayan aƙalla mako 12, domin ko zazzaɓi na iya ɗaga su na ɗan lokaci. Idan duka biyun sun nuna, da zarar ta samu ciki ana ba ta asfirin ɗan kaɗan, kamar miligiram 75, tare da allurar hefarin kullum. Shan asfirin da ka, don kawai maƙwabciya ta sha ta haihu, ganganci ne.

Wajen rabin ma'aurata kuwa, a gama gwaji kaf ba a ga komai ba. Nan ne wasu ma'aikatan ke kwafsawa, su ce "lafiyarki ƙalau, ki je ki yi haƙuri," ta fita da zargin kanta. Ya kamata a zaunar da ita da mijin, a gaya musu ƙarara cewa yawancin masu irin wannan sakamako suna haihuwa lafiya daga baya, ko da yake damar na raguwa da ƙaruwar shekaru da yawan ɓarin. A tambaye ta barci da cin abinci, don baƙin cikin ɓari kan zama ciwon damuwa. A kuma sa mata ranar hoto tun ciki na mako shida ko bakwai.

Maigida, ranar karɓar sakamako kada ka tsaya a bakin ƙofa. Shiga ka ji da kunnenka, domin kai ne za ka mayar wa danginka bayani.