Ramin ARC a bayan talabijin: yadda sauti ke komawa ga doguwar sifika, da abin da eARC ya ƙara

Talabijin na zamani ya sirance har babu wurin da za a dasa masa lasifikar kirki. Shi ya sa mutum zai sayi allo mai inci 55, hoto tangaran, amma muryar mai karanta labarai ta riƙa fita a shaƙe. Maganin da mutane da yawa suka koma wa shi ne doguwar sifikar nan da ake ajiyewa a ƙasan allo, wadda za ka ga an rubuta Soundbar a jikin kwalinta. Sai dai ana yawan kawo ta gida, a jona wayar HDMI, a kunna, a ji shiru. Galibi ba sifikar ce ta lalace ba. Ramin da aka soka wayar ne ba daidai ba, ko kuma wani saiti ne a kashe.

Asalin aikin HDMI shi ne ɗauko hoto da sauti daga na'ura, kamar dikoda, zuwa cikin talabijin. Ramukan da ke bayan talabijin duk na karɓa ne, ba na fitarwa ba. To idan talabijin da kansa yake samar da sautin, misali daga eriya ko daga manhajar YouTube da ke cikinsa, ta ina sautin zai fita zuwa sifika? A da sai an ƙara wata waya daban. A shekarar 2009, da aka fitar da HDMI 1.4, aka zo da ARC, wato hanyar mayar da sauti baya. Kan wayar HDMI yana da 'yan ƙarafuna 19, sai aka ba wasu daga cikinsu aikin ɗaukar sauti daga talabijin zuwa sifika, akasin yadda hoto ke tafiya.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, a mafi yawan talabijin rami ɗaya tak ke da wannan aikin. Ramukan kamanninsu ɗaya, wayar za ta shiga kowanne, amma wanda aka rubuta ARC ko eARC a gefensa kaɗai ke fitar da sauti. A wani talabijin ɗin HDMI 1 ne, a wani HDMI 2 ko HDMI 3, don haka sai an leƙa da tocila an karanta. Haka ita ma sifikar. Idan tana da ramuka biyu, wanda aka rubuta HDMI OUT ko TV ARC shi ne zai tafi talabijin, ko da yake a zahiri sauti ta nan yake shigo mata. Ɗayan, HDMI IN, na jona wata na'ura ne kai tsaye.

Mu ɗauki gidan da ke da talabijin mai ramuka uku, da dikodar DStv ko StarTimes, da na'urar wasa ta PlayStation 5, da doguwar sifika. A ce ARC yana kan HDMI 2. Wanda ya zo haɗawa tun farko ya riga ya soka dikoda a nan, domin shi ya fi sauƙin kai hannu. Abin yi shi ne a mayar da dikoda HDMI 1, na'urar wasa HDMI 3, a bar wa sifika HDMI 2. Daga nan duk abin da ake kallo, ko ƙwallo ce daga dikoda, ko wasan yara, ko fim daga manhaja, sautinsa zai bi ta cikin talabijin ya fita ta wannan waya guda. Ba sai kowace na'ura ta samu tata wayar zuwa sifika ba.

Jona wayar bai wadatar ba, domin ARC ba ya tashi sai da wani tsari da ake kira CEC. Shi ne ke ba na'urori damar yi wa juna magana ta cikin wayar HDMI: talabijin ya tambayi sifika ko tana nan, ita kuma ta amsa ta karɓi aikin. Kowane kamfani ya raɗa wa CEC nasa sunan. Samsung na kiransa Anynet+, LG na kiransa SIMPLINK, Sony kuma BRAVIA Sync, Panasonic VIERA Link, Philips EasyLink. Wanda ke neman haruffan CEC a jerin saiti yana iya wuce shi bai gane ba. Bayan an kunna shi, sai a shiga saitin sauti, a wurin Sound Output, a zaɓi sifikar ko HDMI ARC maimakon TV Speaker. Ita ma sifikar a danna maɓallin zaɓen hanyarta har ta nuna ARC ko TV. Alamar cewa komai ya zauna ita ce rimot ɗin talabijin ya riƙa ƙara mata murya yana ragewa, kuma ta mutu idan aka kashe talabijin.

Dogaron nan da CEC shi ne raunin ARC, kuma a wurarenmu da ake ɗauke wuta ba sallama ya fi bayyana. Idan wuta ta dawo, ko aka juya zuwa janareta, na'urorin kan farka ba a jere ba, gaisuwar da ke tsakaninsu ta ɓace, sauti ya koma sifikar talabijin ko ya ɗauke gaba ɗaya. Kashewa da rimot ba ya cika gyara wannan, domin na'urar ba ta mutu da gaske ba. A zare talabijin da sifika daga soket, a jira kamar minti ɗaya, a mayar, a fara kunna talabijin. Idan abin ya ci gaba da dawowa, a ciro sauran wayoyin HDMI ɗaya bayan ɗaya. Duk na'urorin da ke jone layin CEC ɗaya suke tarayya a kai, don haka dikoda ɗaya mai rikici tana iya hana sauran jin juna.

Sai batun irin sautin da ARC ke iya ɗauka, kuma nan ne eARC ya shigo. An gina ARC ne a kan ma'aunin tsohuwar wayar nan mai fitar da jan haske, wadda ake rubuta Optical a raminta. Zai ɗauki sauti mai layi biyu, hagu da dama, ba tare da an matse shi ba, wato PCM. Zai kuma ɗauki sauti mai layi shida, wanda ake kira 5.1, amma sai an matse shi a tsarin Dolby Digital ko DTS. Matsewar kamar danna auduga ce a buhu, sai dai a nan akwai abin da ake zubarwa wanda ba ya dawowa. Lissafin ba wuya: layi biyu na PCM suna cin kimanin megabit 1.5 a daƙiƙa, Dolby Digital kuwa ba ya wuce kilobit 640 duk da layukansa shida. Amma layi takwas da ba a matse ba, wato 7.1, a ingancin da ake haɗa fina-finai, sun haura megabit 9. Wannan ya fi ƙarfin ARC.

A shekarar 2017 aka fitar da HDMI 2.1, aka zo da eARC a cikinsa. Hanyarsa tana ɗaukar kimanin megabit 37 a daƙiƙa, abin da ya isa layi takwas a mafi ingancinsu. Don haka yana wucewa da Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, waɗanda ake samu a faifan Blu-ray, da kuma PCM mai layi shida ko takwas. Ya kuma gyara abubuwa biyu da ba su shafi girma ba. Yana da nasa layin gano sifika, ba ya jiran CEC kafin sauti ya fara tafiya, ko da yake ƙara murya da rimot har yanzu aikin CEC ne. Sannan daidaita motsin baki da murya ya zama wajibi a cikinsa, alhali a ARC zaɓi ne da kamfani ke iya bari. Ni a ganina, a gida irin namu, waɗannan biyun sun fi faɗin hanyar amfani.

Dalili kuwa shi ne, yawancin abin da muke kallo bai kai ya cika hanyar ARC ba. Tashoshin dikoda sauti mai layi biyu suke aikowa, ko Dolby Digital idan an yi sa'a. Mafi yawan bidiyon YouTube layi biyu ne. Hatta Dolby Atmos, wanda masu shago ke amfani da sunansa wajen tallar eARC, iri biyu ne. Wanda Netflix da makamantansa ke aikowa yana zuwa ne a cikin Dolby Digital Plus, a matse, kuma talabijin da dama suna iya tura shi ta ARC na da. Wanda ke cikin TrueHD na faifan Blu-ray shi ne lallai sai da eARC. Mai kallon ƙwallo da labarai da fina-finan manhaja ba zai ji wani bambanci ba don ya canza sifika mai ARC da mai eARC, muddin girman sifikun ɗaya ne.

A gidan da muka ɗauka misali, na'urar wasa ce kaɗai za ta nuna bambancin. PlayStation 5 tana iya fitar da PCM mai layuka da yawa. Idan ta bi ta talabijin mai ARC kawai, sautin zai isa sifika a layi biyu, motar da ya kamata a ji ta taho daga baya sai a ji ta a gaba. Mafita biyu ce ba tare da sayen sabon abu ba. Ko dai a shiga saitin na'urar a canza tsarin sautin daga Linear PCM zuwa Dolby, wanda ARC ke iya ɗauka, sai dai matsewar kan jawo ɗan jinkiri da mai wasa zai iya lura da shi. Ko kuma a jona na'urar a HDMI IN na sifikar, ita ta cire sautin ta miƙa wa talabijin hoto. Kafin a yi haka a duba ko sifikar tana wucewa da hoton 4K a saurin 120Hz, domin da yawa ba sa yi.

eARC ba ya aiki sai ɓangarorin biyu suna da shi. Idan talabijin na da eARC, sifika kuma ARC kawai, za su yi aiki tare amma a matakin ARC. A wasu talabijin ma sai an kunna shi da hannu, a wurin da aka rubuta eARC Mode ko makamancinsa. Waya kuma ba sai mai tsada ba. Wadda aka rubuta High Speed with Ethernet a kwalinta ta isa, haka ma Ultra High Speed. Tsohuwar waya mara inganci takan nuna kanta da yankewar sauti na daƙiƙa ɗaya ko biyu, hoto kuma lafiya lau.

Saiti na ƙarshe da ke ɓata wa mutane kuɗinsu shi ne Digital Audio Output. Idan yana kan PCM, talabijin yakan narkar da duk abin da ya shigo zuwa layi biyu kafin ya tura, sifika mai 5.1 ta zama daidai da mai araha. A sa shi a Auto, ko Pass Through idan akwai, domin sautin ya wuce yadda ya zo. Sifiku da yawa suna rubuta sunan tsarin da suka karɓa a ɗan allonsu ko su kunna wata fitila, ta nan za a tabbatar. Akwai kuma lokacin da PCM ɗin ne magani: idan fim daga filashi ya fito da hoto babu murya, sau da yawa sautinsa DTS ne, sifikar kuma ba ta san shi ba, sai a mayar da saitin PCM talabijin ya warware mata. Idan shi ma talabijin ba ya karanta DTS, kamar yadda wasu kamfanoni suka cire shi daga nasu, sai dai a zaɓi wani layin sauti a cikin fim ɗin, ko a kunna shi daga wata na'ura da ke iya juya shi zuwa PCM.