Aro, Ƙirƙira ko Bayani?

Malamin da ya ɗauki hoton shafin littafin kimiyya domin mayar da shi Hausa yakan ci karo da kalmomin da ba su da tsayayyen suna. Hanyoyi uku ne a gabansa.

A shafin da ke bayanin yadda ganye ke haɗa abinci, aro ya fi dacewa da oksijin. In aka ce "iskar shaƙa" an ɓatar da ɗalibi, domin oksijin kashi 21 ne kawai cikin ɗari na iskar da ake shaƙa. Amma ƙananan kafofin da iska ke bi ta shiga ganye, ana iya raɗa musu "ƙofofin ganye", tunda Bahaushe ya san ƙofofin gashi a fatarsa.

Kulorofil kuwa sai an yi bayani: koren sinadarin ganye mai kama hasken rana. Sai dai wannan ya yi wa gurbin suna a jikin zane tsawo. Saboda haka akan kawo bayanin sau ɗaya a cikin rubutu, sannan a sa kalmar aro a zanen.