Riyal 750 a Shago, Naira Nawa a Banki?

Alhajin da ya tsaya gaban wani shago a Makka ya zaɓi tsarabar riyal 750 yana da lissafi mai sauƙi a kansa. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dala a kan 3.75, don haka kayan nan dala 200 ne cif. Idan wayarsa ta nuna masa, a misali, naira 1,500 kan kowace dala, ya san naira 300,000 za a cire. Ya miƙa katin nairarsa, saƙon banki ya shigo, sai ya ga 311,080.

Ba mai shago ne ya cuce shi ba. Kuɗin sun bi ta hannu biyu kafin su isa, kuma kowane hannu ya ɗebi rabonsa.

Da farko dai, farashin da ake gani a waya ba farashin sayarwa ba ne. Tsakiya ne tsakanin yadda manyan bankuna ke saye da yadda suke sayarwa a junansu. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin 'yan canji a Wapa ta Kano ya san farashi biyu ne, na saye daban, na sayarwa daban, kuma ratar da ke tsakani ita ce ribar ɗan canji. Mai kati kullum a gefen mai sayen kuɗin waje yake, wato gefe mai tsada.

Hannu na farko shi ne kamfanin katin, Visa ko Mastercard. Shi ke mayar da riyal dala a farashinsa na ranar, ya kuma caji bankin mai kati la'adar ƙetare iyaka, wadda kan kai kusan kashi 1 cikin 100. Banki kan ɗora ta a kan mai kati. Dala 200 ta zama 202.

Hannu na biyu ya fi nauyi. Bankin alhajin ne zai mayar da dalar nan naira, kuma shi ke yanke farashin da zai yi amfani da shi. A ce ya sa 1,540. Dala 202 a wannan farashi ita ce naira 311,080, ƙarin kusan kashi 3.7 cikin 100. Abin da ke da ciwo shi ne, yawancin ƙarin ba ya fitowa da sunansa a takardar bayanin asusu. Yana ɓoye ne cikin farashin canjin, shi ya sa banki zai iya cewa bai caji komai ba alhali ya ci ribarsa. Tarayyar Turai ta ga wannan, inda tun Afrilun 2020 ta wajabta wa masu ba da kati su bayyana ƙarinsu a kan farashin Babban Bankin Turai a canji tsakanin kuɗaɗen ƙasashenta. Wannan adalci ne da ya kamata mai kati a ko'ina ya samu.

Mai katin dala ma bai tsira ba, domin akwai tarkon da ake kira DCC. Na'urar shago ko ta cire kuɗi takan gane katin baƙo ne, sai ta tambaya ko a riyal za a biya ko a dala. Mutum ya ga kuɗin da ya saba da su, ya danna dala. Da hakan ya miƙa canjin ga kamfanin da ke bayan na'urar, wanda ƙarinsa kan kai kashi 5 ko fiye, kuma mai shago kan samu kaso a ciki. Riyal 750 sai ta koma dala 210. Gane shi ba wuya: a raba 750 da 210, za a samu 3.57 a maimakon 3.75. Ka'idar Visa da Mastercard ita ce mai kati ne ke da zaɓi, ba mai shago ba.

Sai kuma batun rana. Adadin da aka riƙe lokacin ciniki yana iya sauyawa, domin akan kammala lissafin ne bayan kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci da farashin ranar kammalawa. Idan aka mayar da kaya kuwa, kuɗin na dawowa da farashin wata ranar, kuma la'adar ba lallai ta dawo ba.

Kafin tafiya, mai kati ya tambayi bankinsa farashin dalar kati na ranar da la'adar da ke kai. Visa da Mastercard suna da shafin lissafin canji kyauta da za a gwada da shi. A gaban na'ura kuwa, ya zaɓi kuɗin ƙasar da yake tsaye a cikinta, riyal a Makka, dirhami a Dubai.